Lokacin tashin jirgi daban, lokacin rufe ƙofa daban

Katin shiga jirgi yana ɗauke da lokuta biyu, amma wanda ke barin mutum a ƙasa na uku ne, kuma sau da yawa ba a buga shi da manyan baƙaƙe. Akwai lokacin tashi, wanda kowa ke haddacewa ya faɗa wa mutanen gida. Akwai wanda aka rubuta a gaban BOARDING TIME, wato lokacin da za a fara shigar da fasinjoji, yawanci minti 30 zuwa 50 kafin tashi, gwargwadon girman jirgin. Na ukun shi ne lokacin rufe ƙofa. Kamfanonin Emirates da Qatar Airways suna rufe tasu minti 20 kafin tashi, wasu kuma minti 15 ko 10. Wani kamfanin yakan rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a gindin katin, wani sai ka tambaya a kanta lokacin da ake auna maka kaya. Da zarar katin ya shigo hannuna, nakan ɗauki biro in rubuta wannan lokaci a bayansa, in shafe lokacin tashi daga raina gaba ɗaya.

Mutane suna ganin kamar mugunta ce a hana mutum shiga alhali ga jirgi nan tsaye yana kallonsa ta gilashi. Abin da ke faruwa a cikin mintunan nan shi ne: ma'aikacin ƙofa zai rufe jerin fasinjoji a kwamfuta, a ƙirga waɗanda ke ciki, a daidaita adadinsu da jakunkunan da aka loda, a fitar da takardar nauyin jirgi ta ƙarshe a kai wa matuƙi ya sa hannu. Sai a rufe ƙofar jirgin, a janye matakala ko gadar shiga, motar turawa ta ja shi baya. Lokacin da aka rubuta na tashi, lokacin barin wurin tsayuwa ne. Ƙara mutum ɗaya bayan an rufe jeri yana nufin a sake buɗe takardun, kuma jirgin na iya rasa layinsa na tashi. Shi ya sa roƙo ba ya cika yin aiki a wannan gaɓa, ko da ma'aikacin ɗan unguwarku ne.

A filin jirgin Kaduna lamarin yana da sauƙi ta wani ɓangare. Filin ba shi da girma, ba a yin tafiyar minti goma sha biyar tsakanin ƙofa da ƙofa, kuma daga zauren jira kana iya gane ko jirginku ya sauka. Abin da ke cin mutane a nan jinkiri ne. A watannin Disamba da Janairu, idan hazo ya yi kauri, jirgin da zai zo daga Legas yakan makara, a ce muku an ɗaga tashi daga ƙarfe 2:00 zuwa ƙarfe 4:00. Mutum ya ji haka sai ya saki jiki, ya fita waje neman abinci ko ya tafi sallah da niyyar dawowa ƙarfe uku da rabi. Amma sabon lokacin ƙiyasi ne kawai. Idan gari ya washe jirgin ya samu izinin tasowa da wuri, zai sauka, ya sauke mutane, ya kwashi na ƙasa cikin minti 30 zuwa 40 ya juya, domin yana bin bashin lokaci a sauran zangunansa na ranar. Ba motar tashar Kawo ba ce da kwandasta zai zagaya yana cigiyar mai kujerar gaba.

Saboda haka idan an sanar da jinkiri, nakan je wurin ma'aikacin kamfanin in yi masa tambaya guda: jirgin ya taso daga inda yake, ko bai taso ba? Tafiyar Legas zuwa Kaduna awa ɗaya ce da 'yan mintuna. In ya ce bai taso ba, ka san kana da aƙalla awa guda a hannu, ka yi sallarka a natse har da nafila in ka so. In ya ce yana sama, to kada ka yi nisa. Ka kuma tuna cewa duk abin da ya fitar da kai daga zauren jira zuwa waje, sai ka sake bin layin bincike kafin ka dawo, kuma layin nan yakan yi tsawo daidai lokacin da aka fara kira, don kowa a lokacin yake tasowa. Mafi sauƙi a ƙananan filaye shi ne mutum ya yi alwala da sallah kafin ya shiga bincike, in lokacinta ya shiga. In bai shiga ba, ya riƙe alwalarsa, ya ɗauki ƙaramar darduma a jakar hannu.

Inda lissafi ke zama dole shi ne filin da ake yada zango a ƙasar waje. Mafi yawanmu daga Kaduna muna bin jirgin ƙasa daga Rigasa ko mu bi mota zuwa Abuja, wasu su nufi Kano, daga can a tashi a sauya jirgi a wani babban fili kafin a isa Jidda, Madina, Dubai ko Guangzhou. Ga yadda zango irin wannan ya gudana a wata tafiyar Umara da na raka ayarin dattawa da mata daga Tudun Wada da Unguwar Sanusi.

Tun a Abuja aka ba kowa kati biyu. Na biyun ya nuna ƙofa B4, fara shiga 22:05, tashi 22:50, wato rufe ƙofa 22:30. Abin lura na farko shi ne an buga wannan kati da hantsi, kusan awa goma kafin jirgin na biyu ya tashi. A lokacin, jirgin da zai ɗauke mu yana wata ƙasa ma, bai dawo ba. Lambar ƙofar da ke kan katin shirin safe ce, kuma shirin safe yana canzawa da abu kaɗan: jirgin da ke tsaye a ƙofar ya makara bai tashi ba, ko an sauya muku jirgi da wanda ya fi girma wanda ba ya shiga wannan wurin, ko gadar shiga ta lalace, ko an mayar da ku ƙofar da ake kwasar mutane da bas. Babu wanda zai bi ka ya karɓi tsohon katin ya gyara. A allo kawai ake gyarawa.

Abin lura na biyu agogo ne. Lokacin tashi da ke kan kati da allo na garin da jirgin zai tashi daga cikinsa ne. Addis Ababa, Doha, Istanbul da Jidda suna gaban Najeriya da awa biyu, Dubai da awa uku. Wayar da ke kan Airplane mode, ko wadda layinta bai kama ba a can, tana iya ci gaba da nuna lokacin Kaduna, agogon hannu kuwa ba ya sauya kansa. Dattijo ya duba hannunsa ya ga ƙarfe takwas da rabi na dare, ya ce da sauran lokaci, alhali a agogon filin ana rufe ƙofarsa. Kafin mu bar bakin jirgin farko na sa kowa ya juya agogonsa ya daidaita da na bango.

Mun sauka 20:35. Kafin a fito da kowa, a bi layin binciken masu wucewa, a sake ɗaura bel da agogo, 21:15 ta yi. Daga nan ba mu nufi masallaci ba, ba mu nufi shago ba, babban allo muka nufa. A allo lambar jirgi ake nema, ba sunan gari kaɗai ba, domin a dare ɗaya ana iya samun jirage biyu ko uku masu zuwa Jidda, tsakaninsu minti arba'in. Wani lokacin kuma jirgi ɗaya yana da lambobi na kamfanoni daban-daban, allon yana jujjuya su, sai ka ɗan tsaya taka ta bayyana. Tamu ta bayyana da C21 a gabanta. B4 ta riga ta zama ta wani jirgin.

Sai muka taka har C21, ina duba agogo. Minti 14 muka yi. Lafiyayyen mutum yana cin kimanin mita 80 a minti ɗaya, amma tsohuwa mai ciwon gwiwa da jakar hannu rabin haka za ta yi, kuma da tafiyarta ake lissafi. Wannan zuwa ƙofa tun da wuri shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Kana ganin ƙaramin allon da ke saman kantar da idonka, ka tabbatar lambar jirginka ce a kai. Kana gane ko ƙofar bas ce a ƙasan bene, wadda bas ɗinta na ƙarshe in ya tafi shi ke nan, ko kuma akwai wani binciken jaka da fasfo a bakinta da zai ci minti goma. Kuma daga nan ne kake auna nisan kowane wuri da za ka je.

Na tambayi ma'aikaciyar da ke kantar ko ƙofar ta tabbata, da kuma ɗakin sallah mafi kusa. Manyan filaye suna da ɗakin sallah fiye da ɗaya, kuma kuskure ne mutum ya koma wanda ya gani a hanya can baya alhali akwai wani kusa da ƙofarsa. Namu yana da nisan minti 6. Lissafin ya zama haka: ana rufewa 22:30, ina son kowa ya dawo 22:10, don haka barin ɗakin sallah 22:04. Mun bar ƙofar 21:35, muka isa 21:41. Abin da ke hannunmu minti 23 ne. Na sa ƙararrawar waya a 22:00.

Minti 23 kamar da yawa, amma sallar kanta ba ita ke cinye su ba. Magariba ta riske mu a sama, saboda jirgin da ya nufi gabas yana tarar da faɗuwar rana da wuri, don haka Magariba da Isha'i ke kanmu: raka'a uku da raka'a biyu na ƙasaru, abin da bai wuce minti takwas zuwa goma ba. Layin bayan gida da wurin alwala ne ke cin lokaci, musamman ɓangaren mata, kuma musamman idan jirage da yawa sun sauka tare. Ga cire safa, ga neman inda za a ajiye jaka, ga neman takalmi a cikin tarin takalma bayan an idar. Wanda ya yi alwala a cikin jirgi kafin a fara sauka, ko a bayan gidan farko da ya gani babu layi, ya ceci minti goma. Takalmi kuma a sa shi a leda a shiga da shi.

Akwai abu ɗaya da ke tsawaita sallah ba tare da mutum ya shirya masa ba. Matafiyin da ya bi limami mazauni, misali ma'aikacin filin, zai cika raka'a huɗu tare da shi, kuma ba ka san tsawon karatunsa ba. In lokaci ya ƙure, gara ayari su yi jam'insu da limaminsu, a karanta gajerun surori. Maganar haɗa salloli biyu, da yadda ake yi idan lokaci zai fita kana cikin jirgi, a zauna da malami a warware ta tun a gida, domin bakin ƙofar jirgi ba wurin muhawarar fiƙihu ba ne. Na ga ayari sun tsaya gardama a kan wannan har aka fara kiransu. Lazimi da doguwar addu'a kuwa ana iya yin su a kujerar jira, kana fuskantar allo.

Kada ka dogara da lasifika a ɗakin sallah. A filaye da yawa ba a sa ta a ciki, ko an rage mata murya don kada ta dami masu ibada, haka ma ɗakin addu'ar da 'yan'uwa Kirista ke shiga. Wasu filayen, irin na Dubai, sun rage sanarwar baki ƙwarai, sai dai allo da abin da ake faɗa a bakin ƙofar kanta. Ko an kira sunanka ma, yadda baƙon harshe zai furta shi ba lallai ka gane kai ake nufi ba, ga shi rabin ayarin Muhammad ne ko Abubakar. Da muka fito 22:03 na sake duba allon da ke kusa, domin ƙofar da aka canza sau ɗaya ana iya sake canza ta. C21 tana nan, an rubuta Boarding a gabanta.

Kalmomin allo ba su da yawa, kuma ya kamata ko wanda bai yi boko ba ya san siffarsu. Go to Gate na nufin ka tashi ka nufi ƙofa. Boarding an fara shiga. Final Call ko Last Call ba kiran a fara tahowa ba ne: yawancin mutane sun riga sun shiga, ana neman 'yan tsirarun da suka rage, kuma abin da ya saura bai cika wuce minti biyar zuwa goma ba. Wanda ya ga wannan yana nisan minti 14 da ƙofa ya riga ya makara, sai dai ya gwada gudu. Gate Closed kuwa an gama.

Da muka koma ƙofa na ƙirga, mutum biyu ba sa nan. Wata Hajiya da 'yarta sun rabu da mu a hanyar dawowa sun shiga shagon turare. Na tura sauran suka shiga, na tsaya gefen kanta. Daga nan ana ganin yadda aikin ke tafiya: kwamfutar ma'aikaciyar tana nuna adadin waɗanda ba su shiga ba, yana raguwa duk lokacin da na'ura ta yi ƙara a kan kati. Ƙarfe 22:20 allo ya koma Final Call. Da 22:24 ta yi, saura suna biyu, sai ta ɗauki rediyon hannu ta karanta lambobin jakunkunansu ga masu lodi. Ƙa'idar tsaro ce a jiragen ƙasa da ƙasa cewa jakar wanda bai shiga ba ba ta tafiya, don haka tun kafin a rufe ake fara neman ta a cikin jirgi. Mutane suna cewa ai kayana suna ciki, dole su jira ni. Ba sa jira, sauke kayan suke yi, kuma da zarar an fito da su ba a cika mayarwa ba.

Suka iso 22:27, 'yar tana jan uwar, leda a hannu. Na ce, "Hajiya, ai saura ƙiris a sauke kayanku." Ta ce, "Wallahi Malam, turaren na ɗauka tun ɗazu, layin biya ne ya ƙi tafiya, ga yarinyar shagon ta ce sai na kawo katin jirgi da fasfo." Gaskiya ta faɗa, kuma a nan sayayya ke yaudarar mutum. Zaɓen kaya minti uku ne, biya kuma ba a hannunka yake ba. A shagunan Duty Free sai an duba katin shiga jirgi kafin a sayar maka. In turare ne ko wani abu mai ruwa da ya wuce mililita 100, za a sa shi a leda ta musamman a liƙe da rasit a ciki, kada ka buɗe ta in akwai wani bincike a gabanka. Katin bankin Najeriya yana iya ƙin aiki, a gwada sau biyu, a koma lissafin dala da canji. Ga shagunan an shirya su yadda hanya ke lanƙwasa a cikinsu, allon jirage ba ya gaban idonka. Ni dai ƙa'idata ita ce in mutum fiye da uku ne a gabana kuma an fara shiga jirgi, in ajiye kayan in fita. Mai zuwa Umara ma ba shi da dalilin sayen turare a zangon tafiya, tunda zai same shi a Makka da Madina, kuma zai sake bi ta wannan filin a dawowa.

Minti 23 ɗin nan na abu ɗaya ne, ko sallah ko shago. Wanda yake da zangon awa huɗu yana iya yin duka biyun, amma jerin bai canza ba: allo, ƙofa, sallah, sake duba allo, sannan shago, kuma shagon da ke ɓangaren ƙofarsa. In zangon ya yi tsawo har ba a sa ƙofa a allo ba tukuna, a zauna a tsakiyar fili inda hanyoyi suka rabu, a riƙa dubawa duk minti 15, kada a tafi ƙarshen wani ɓangare a kwanta. In ayari ne, a bar mutum ɗaya a bakin ƙofa, a yi sallah kashi biyu, kowa kuma ya riƙe fasfonsa da katinsa a jikinsa. Miji ya tara na iyali duka a aljihunsa ya tafi ɓangaren maza, matar ko ta iso ƙofa da wuri ba za ta iya shiga ba. Manhajar kamfanin jirgi tana turo sanarwar canjin ƙofa, amma sai wayar tana kan Wi-Fi na filin, kuma wani lokacin allo yana riga ta.

Akwai alamun da ke nuna kana zaune a ƙofar da ba taka ba tun kafin lokaci ya ƙure. Lokacin fara shiga ya yi amma babu ma'aikaci a kanta. Ƙaramin allon ya mutu ko yana nuna wani gari. Fuskokin da kuka taho tare daga Abuja sun ɓace, waɗanda ke kewaye da kai ba su yi kama da masu zuwa inda za ka ba: jirgin Jidda ba ya rasa masu harami ko masu shirin ɗaura shi. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya tashe ka zuwa babban allo.

In kuwa an rufe kafin ka iso, tsayawa jayayya a ƙofar ɓata lokaci ne. Ka tambayi ma'aikacin inda kantar Transfer Desk ta kamfanin take, wato kantar masu sauya jirgi, ka tafi da fasfo, katin, da ƙananan takardun lambar jaka da aka liƙa maka a Abuja, don da su za a gano kayan da aka sauke. Ka sa a duba maka sauran tikitin gaba ɗaya a wurin, saboda a yawancin kamfanoni wanda bai hau zango ɗaya ba, kwamfuta tana soke zangunan da suka rage, har da na dawowa gida. In jirgin farko ne ya makara ya jawo, kuma tikitin guda ne, kamfanin ke da alhakin sa ka a jirgi na gaba. In kai ne ka makara a shago ko a ɗakin sallah, ka shirya biyan tara da bambancin kuɗin tikiti, kwanan da za ka yi a filin ma daga aljihunka ne.